Arati: inda gani ya kori ji

Cikin ibadun mabiya addinin Hindu, da wuya a sami wadda duniya ta kalla kamar arati, kuma da wuya a sami wadda aka yi wa kunnen uwar shegu kamarta. Kowa ya san hoton: faranti da fitila tana ci a kansa, hannu yana zagayawa da shi a gaban gunki, ƙararrawa tana ta kaɗawa. Amma ka tambayi mai kallon abin da ake faɗi a lokacin, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Alhali arati tafe take da waƙa, waƙar kuma tana da baitoci, kuma a cikin baitocin nan ne mai ibadar yake faɗin abin da ya kawo shi. Ra'ayina shi ne duk wanda ya yanke wa wannan al'ada hukunci da ido kaɗai, ko don ya yabe ta ko don ya kushe ta, rabin magana ya ji. Ina kuma ganin su kansu masu shirya manyan tarukan arati na bakin kogi a Indiya suna da hannu a wannan ragin.

Arati ita ce rufewar hidimar ibada da suke kira fuja. A wajensu abin bautar baƙo ne mai daraja da ya sauka a gida, don haka hidimar take bin tsarin karɓar baƙo: a ba shi wurin zama, a ba shi ruwan wanke ƙafa, a yi masa wanka, a tufatar da shi, a shafa masa turare, a gabatar masa da abinci. A cikakken tsarin matakai goma sha shida ne. Idan an gama sai a ɗauko fitila. Manyan wuraren bauta suna yin arati sau da yawa a rana, tun daga ta kafin ketowar alfijir da ake tashin abin bautar da ita, har zuwa ta dare da ake kwantar da shi. Ta almuru ce ta fi tara jama'a, domin lokacin an taso daga aiki, kuma lokacin ne ake kunna fitilun gida.

Kayan aikin ba su da yawa. Faranti na ƙarfe, yawanci na tagulla. Fitila irin aci-balbal, da lagwanin auduga da aka murza aka jiƙa da soyayyen man shanu. Yawan lagwanin mara ne: ɗaya, ko biyar, ko bakwai, kuma mai biyar ce aka fi gani. Sai kafur, da turaren tsinke, da furanni. Mai jagoranci yana fara da busa wani ƙaton kwanson dodon koɗi na teku da aka huda, yawanci sau uku, don sanar da cewa an fara. Daga nan ya riƙe ƙaramar ƙararrawa a hannun hagu yana kaɗawa ba tsayawa, ya ɗaga fitilar da hannun dama yana zagayawa da ita yadda hannun agogo yake juyawa.

Zagayen nan ba kara-zube ake yinsa ba. Wata ƙa'ida da ta yaɗu ta ce sau huɗu a setin ƙafafu, sau biyu a setin cibiya, sau ɗaya a setin fuska, sannan sau bakwai a kewaye jikin gaba ɗaya, jimla goma sha huɗu. Wasu ɗariƙunsu suna yin uku a fuska. Dalilin wannan tsari yana bayyana idan aka tuna yadda ake gina tsofaffin wuraren bautarsu. Ɗakin da gunkin yake ciki ƙarami ne, can a ƙurya, ba taga, duhu ɗumɗum. Kafin zuwan lantarki, mutumin da ya tako daga nesa ba shi da hanyar ganin abin da ya zo gani sai lokacin da aka ɗaga fitilar. Hasken yana farawa daga ƙafa, yana hawa a hankali har ya kai fuska. Wannan haɗa ido da abin bautar suna kiransa darshan, kuma shi ne babban abin da yake kai su wurin. Fitilar tana yin aikin nuni ne, kamar mai gida da ya ɗaga fitila ƙofar zaure don a ga fuskar baƙon da ya yi sallama da dare.

Ana iya gane gwani da ɗan koyo daga nesa. Ɗan koyo yana sauri, sai iskar zagayen ta kashe masa lagwani, ko farantin ya karkace narkakken man ya tsiyayo masa a hannu. Idan ya cika mai har lagwanin ya nutse, wutar ta yi ta tartsatsi tana neman mutuwa. Idan ya rage, audugar ce take ƙonewa, sai baƙin hayaƙi. Ƙararrawar ma tana tona shi, domin hannun hagu yakan tsaya duk lokacin da hankali ya koma kan na dama. Gwani kuwa zagayensa faɗi ne, a nutse, farantin a miƙe, kuma yana tafiya daidai da waƙar. Waƙar tana farawa a hankali, tana ƙara sauri baiti bayan baiti tare da tafi da 'yan ƙananan kuge, har ta kai ƙarshe da zafi. Kafur yakan zo daga baya. Yana ci da haske sosai, ya ƙare tas ba toka ba gawayi, kuma malamansu suna fassara hakan da cewa haka ake so son zuciyar mai ibada ya ƙone bai bar komai ba.

Bayan an gama sai a zagaya da farantin cikin jama'a. Kowa ya kifa tafin hannuwansa biyu a saman harshen wutar, ya shafa a idanu da goshi da ka, wanda yake da hali ya jefa kuɗi a farantin, sannan a raba ɗan abin zaƙi daga abincin da aka gabatar. Wannan shafawar ce ta fi sa baƙo ya ce ai ga shi nan, wuta suke bauta wa.

Mu Hausawa ba baƙin wannan hoto ba ne. Tun zamanin gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, zuwa kaset, zuwa finafinan fassara na yau, mun ga uwar jarumi tana zagaya faranti a gaban gunki ba iyaka, kuma a bakin mutane da yawa sunan abin bautar wuta. Wannan suna bai dace da abin da ake yi ba. Wutar tana cikin kayan da ake miƙawa, tare da fure da turare da ruwa, kuma ba wanda zai ce fure suke bauta wa don sun miƙa fure. Shafa ɗumin a fuska kuwa, a fahimtarsu, karɓar albarkar wanda aka miƙa wa fitilar ne, tun da ta je gabansa ta dawo. Wata shaidar ita ce suna yi wa mutane ma arati. Ana yi wa ango idan ya iso ƙofar gidan surukai, ana yi wa amarya idan za ta shiga gidan miji, 'yar'uwa tana yi wa ɗan'uwanta a ranar bikin ɗaurin zare, uwa tana yi wa ɗanta da ya dawo daga doguwar tafiya. A nan manufar girmamawa ce da korar kambun baka. Gaskiya ne a addininsu akwai Agni, abin bauta na wuta, kuma akwai hidimar da ake haƙa rami a hura wuta a riƙa zuba mata man shanu da hatsi ana karatu, irin wadda ango da amarya suke zagayawa. Wannan hidima daban ce, ta kuma girmi arati irin ta yau nesa ba kusa ba. Haɗa su wuri ɗaya rashin bincike ne.

To, me ake faɗi? Waƙoƙin arati suna da yawa, kowane abin bauta da tasa, kowane yanki da harshensa. A jihar Maharashtra, misali, wadda ake yi wa Ganesha da harshen Marathi ta fito ne daga Samarth Ramdas na ƙarni na 17. Amma wadda ta game arewacin Indiya, ta bi 'yan Indiya duk inda suka yi ƙaura, ita ce mai farawa da «Om Jai Jagdish Hare». Wani malami ɗan garin Phillaur a yankin Punjab, Shardha Ram Phillauri, wanda ya rayu daga 1837 zuwa 1881, shi ya tsara ta wajen 1870. Da harshen Hindi ya yi ta, harshen kasuwa da gida, ya bar Sanskrit da sai malamai suke ji. Wannan zaɓi shi ne sirrin yaɗuwarta. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya jan ta a ɗakinta ba tare da ta nemi malami ba. Shekara ɗari bayan haka, fim ɗin Purab Aur Paschim na 1970 ya sa ta a bakin mawaƙan silima, ta ƙara bazuwa.

Bishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, ake nufi da ita, amma sunan da aka kira shi da shi a amshin yana nufin ubangijin duniya, shi ya sa mabiya ɗariƙu daban-daban suke yin ta ba tare da sun ji an ware su ba. Amshin yabo ne, yana cewa shi ne mai kawar da matsalar bayinsa cikin ƙiftawar ido. Baitin da ya biyo baya alkawari ne irin na duniya ƙarara: wanda ya tuna da shi zai ga sakamako, baƙin cikin zuci zai gushe, jin daɗi da dukiya za su shigo gida, ciwon jiki zai warke. Idan da a nan waƙar ta tsaya, da sai a ce ciniki ne, ka ba ni in ba ka.

Ba ta tsaya ba. Baiti na gaba ya sauya murya gaba ɗaya, ya bar zancen wani can ya koma ni da kai. Mai waƙar yana cewa kai ne uwata, kai ne ubana, wurin wa zan nemi mafaka, ban da kai ba ni da wani na biyu da zan sa rai gare shi. Daga nan ya shiga siffantawa: kai ne cikakke, kai ne masanin abin da yake cikin zukata, kai ne mafi ɗaukaka, ubangijin kowa. Sai ya ɗora kansa a ɗaya gefen sikelin, kuma bai yi wa kansa sassauci ba. Kai tekun tausayi ne, kai ne mai reno, ni kuwa wawa ne, mugu, mai bin sha'awa, ni bawa kai ubangida, ka yi mini alheri. A ganina nan ne zuciyar waƙar take. Mutum ya tsaya a gaban matarsa da 'ya'yansa da maƙwabtansa kowace yamma, ya kira kansa wawa mai bin sha'awa da babbar murya, wannan ba ƙaramin horo ba ne ga girman kai, ko da rabin masu faɗin bakinsu ne kawai yake motsi.

Akwai baitin da ya fi ɗaure mini kai, wanda yake cewa kai ɗaya ne da gaɓoɓin ji da gani ba sa riska, kai ne mai rayukan kowa, ta wace hanya ni mai gurɓataccen tunani zan sadu da kai? Ana rera wannan ne ana tsaye a gaban sassaƙaƙƙen dutse ko hoton takarda, ana haska masa fuska don a gan shi. Baki yana cewa ba a ganin ka, hannu yana ɗaga fitila don a gani. Malaman Hindu suna da amsa. Suna cewa abin bautar a haƙiƙarsa ba shi da siffa, amma yana saukowa cikin siffa don raunin ɗan'adam, wanda hankalinsa ba ya iya kama abin da ba shi da kama. Ni Musulmi ne, wannan amsa ba ta gamsar da ni, kuma ba zan yi wa mai karatu kwaskwarima in ce waƙar tauhidi ce don wasu kalmominta sun yi kama da addu'o'in da muka sani ba. Wanda ake kira da waɗannan kalmomi, da hanyar da ake kiransa, su ne inda muka rabu, kuma rabuwar babba ce. Sai dai saɓanin ya fi daraja idan an gina shi a kan abin da mutanen suke faɗi da bakinsu. Wannan muhawara ma ba daga waje kawai take zuwa musu ba. A zamanin Phillauri ɗin ne, a 1875, Dayananda Saraswati ya kafa ƙungiyar Arya Samaj da ta yi fatali da bautar gumaka, ta kuma yi ƙarfi a Punjab ɗin nan. Tun kafin su, Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, ya tsara tasa waƙar a kan arati, inda ya ce sararin sama shi ne farantin, rana da wata su ne fitilun, taurari su ne lu'ulu'un, wato halitta duka tana wannan hidima ba sai an kunna lagwani ba.

Baitocin ƙarshe roƙo ne zalla. Abokin talaka, mai ɗauke baƙin ciki, ka miƙo hannunka, ga ni yashe a ƙofarka. Ka goge mini ɓatan sha'awa, ka ɗauke zunubi, ka ƙara mini imani da ƙauna da yi wa mutanen kirki hidima. A wurare da yawa ana ƙarawa da baitin da yake cewa jiki da zuciya da dukiya duk naka ne, naka na miƙa maka, mene ne nawa a ciki? Waƙar da ta fara da fatan dukiya ta shigo gida ta ƙare da cewa dukiyar ba tawa ba ce. Wannan tafiya daga roƙon abin duniya zuwa sakin abin duniya cikin 'yan mintoci ita ce gwanintar marubucin, kuma ita ce abin da kyamara ba ta iya ɗauka.

Shi ya sa nake da ja game da abin da arati ta zama a birnin Banaras. A matattakalar bakin kogin Ganga da ake kira Dashashwamedh, kowace yamma samari malamai bakwai suna hawa dakalin katako a jere, cikin tufafi iri ɗaya, suna juya manyan fitilun tagulla masu hawa-hawa da lagwani barkatai, da wata mai siffar fasa kan maciji, da mafici na gashin ɗawisu, duk motsinsu a tare kamar an auna da ma'auni. Ana ɗaukar wajen minti 45. Jama'a suna cika matattakalar, wasu suna hayar kwale-kwale su kalla daga cikin ruwa. Mutane da yawa suna ɗauka abin ya shekara dubbai ana yinsa haka, alhali wannan tsari na jere da kwalliya a shekarun 1990 ya kankama. Ya zama abin da gwamnati take kai manyan baƙi su gani. A watan Disamba na 2015 firaministan Indiya Narendra Modi ya kai firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, suka zauna suka kalla.

Ba na musun kyansa. Kuma masu kare shi suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Masu kwale-kwale da masu sayar da fure da masu shayi suna ci daga taron. Talakan da ya zo ziyara daga ƙauye yana samun babbar hidima kyauta a fili, ba layi ba ƙofa. Wasu matasa da ba sa leƙa ɗakin bauta a nan suke fara jin wani abu game da addininsu. Kuma ba ni da ikon shiga zuciyar kowa in ce wane kallo ya zo yi, wane ibada.

Amma a duba abin da ya sauya. A gida kowa mawaƙi ne, farantin ma yakan zagaya hannu zuwa hannu, uba ya juya ya miƙa wa uwa, uwa ta miƙa wa yara. A Dashashwamedh muryar daga lasifika take fitowa, hannuwan da ya kamata su yi tafi da yawansu suna riƙe da waya a sama. A ɗakin bauta fitila tana haska wani abu, a nan fitilar da masu juya ta su ne abin da ake haskawa da manyan ƙwayayen lantarki. An juya al'amarin. Kuma inda wurin zama mai kyau ya koma na mai kuɗin haya da manyan baƙi, baitin «ni bawa ne yashe a ƙofarka» ya rasa wurin tsayawa.

Kogin kansa ya fi kowa nuna illar rashin sauraro. Waƙar da ake yi wa Ganga, wadda take tafiya a kan karin waccan ta Phillauri, tana kiran kogin uwa, tana kamanta haskensa da na wata, tana cewa ruwansa garau yake zuwa. Ana rera wannan a gefen ruwan da magudanan ƙazantar birane da dattin masana'antu, har da na majemun Kanpur da ke sama da Banaras, suka daɗe suna kwarara a ciki, har gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin Namami Gange a 2014 don tsabtace shi, bayan wani shirin na shekarun 1980 bai kai ga gaci ba. Dubban mutane suna taruwa kowace yamma su ce ruwan garau ne, su tashi su bar leda da busassun furanni a gaɓa. Wanda ya ji abin da bakinsa yake faɗi zai ji kunyar hakan. A garin Rishikesh da ke bakin kogin, cibiyar Parmarth Niketan tana haɗa aratinta na yamma da jan hankali kan tsabtar kogin, kuma wannan ya fi kusa da ɗaukar baitocin da muhimmanci.

Gyaran da nake gani ba mai tsada ba ne. Idan an zo kan waƙar, a rage ƙarfin lasifika a bar taron ya ja da kansa, ko da muryoyin ba su daidaita ba. A rubuta baitocin da ma'anarsu a allo cikin harsunan masu ziyara, tun da mutumin jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya ma ba lallai ya ji Hindi ba, balle Bajapane. A ɓangarenmu kuma, masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, da suke ƙoƙari wajen juya barkwanci da zagi da kirarin jarumi, idan sun iso wurin da uwar jarumi ta ɗauki faranti, su faɗa wa mai kallo abin da take cewa a jimla biyu ko uku, maimakon su bar waƙar ta wuce ba bayani ko su cike gurbin da wasa.